Ina makomar kuɗin cacar ƙwallo idan aka ɗage wasa, ko ya watse, ko ɗan wasa ya janye?

A ranar 26 ga Oktoban 2024 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta bai wa Najeriya maki uku da ƙwallo uku a wasan da ya kamata ta buga da Libiya, wasan da ko tsakiyar fili ba a kai ƙwallo ba. A teburin gasar, Najeriya ce ta ci 3-0. Amma wanda ya zuba kuɗi a shagon caca cewa Najeriya za ta ci wannan wasan, ba riba ya samu ba. A bisa ƙa'idar da yawancin kamfanonin caca ke bi, uwar kuɗinsa kawai za a mayar masa, kamar yadda za a mayar wa wanda ya zaɓi Libiya.

Irin wannan ne ke haddasa cacar baki a shagunan caca da gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Sabon Garin Zariya, inda ɗalibai da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ke cuɗanya a ranakun wasa. Mai tikiti yana ganin an zalunce shi, yaron shago kuma yana nuna masa allon na'ura yana cewa ba shi ya yanke hukunci ba. Matsayin caca a addini sananne ne, kuma wannan rubutu ba kira ba ne zuwa gare ta. Sai dai kuɗin da ke shiga waɗannan shaguna kuɗin jama'a ne, wani na abincin ɗalibi, wani jarin mai kanti, kuma sharuɗɗan da ke hukunci a kansu kamfani ne ya rubuta su shi kaɗai, da Turanci, a shafin da ba kowa ke buɗewa ba. Ya dace a san abin da suka ƙunsa.

Kowane kamfani da nasa kundin, amma kusan duka suna tafiya ne a kan tushe guda: tikiti yarjejeniya ce a kan abin da zai faru cikin fili, a wani ƙayyadadden lokaci. Abin da ya faru a cikin wannan lokaci ana biya ko a cinye. Abin da bai kai ga faruwa ba ana soke shi.

Ma'anar sokewa

Kowane zaɓi a tikiti yana da lambar ninki, wadda masu harkar ke kira od. Idan ninkin 2.00 ne, naira 1,000 za ta dawo naira 2,000 in zaɓin ya ci. Idan aka soke zaɓi, a allon waya ko na shago yawanci za a ga kalmar Void, kuma abin da na'ura ke yi shi ne ta mayar da ninkinsa 1.00. Duk abin da aka ninka da ɗaya yana nan yadda yake. Shi ya sa mai tikitin wasa ɗaya yake karɓar daidai abin da ya zuba, ba ƙari ba ragi.

Ba a soke wasa da zarar an ji labarin ɗage shi. Kamfani yana sa wa'adi, in aka buga wasan a cikinsa tikiti na nan da ransa, in ya wuce sai a soke. A nan ne kamfanoni suka fi saɓawa. Wasu suna jira awa 24 daga lokacin da aka tsara take wasa tun farko, wasu awa 48, wasu fiye da haka, wasu kuma ƙarshen ranar kawai suke jira. Saboda haka abokai biyu da ke zaune a benci ɗaya a gidan kallo, da zaɓi iri ɗaya a wasa ɗaya, za su iya tashi da sakamako daban idan kamfanoninsu daban ne.

Idan ɗagewar mai nisa ce, babu gardama. An shirya Everton da Liverpool su kara ranar 7 ga Disambar 2024, guguwa ta sa aka ɗage, ba a buga ba sai 12 ga Fabrairun 2025, aka tashi 2-2. Wanda ya zaɓi canjaras a Disamba ba shi da abin nema a Fabrairu, domin tikitinsa ya riga ya mutu tun wa'adin ya cika, an kuma mayar masa da kuɗinsa. Wasan Fabrairu sabon ciniki ne da sabon ninki.

Inda wa'adi ke da tasiri sosai shi ne gasar cikin gida. A gasar Firimiyar Najeriya an saba ganin ruwan sama ya tsayar da wasa da yamma, a ƙarasa shi washegari da safe. Wannan yana cikin awa 24, don haka a mafi yawan kamfanoni tikiti na nan, a jira sakamakon ƙarshe. Amma a kamfanin da ke rufe lissafi da ƙarshen rana, an riga an soke kafin gari ya waye.

Wasan Libiya: me ya sa 3-0 ba ta biya kowa ba

An tsara wasan ne ranar Talata 15 ga Oktoban 2024 a kusa da Benghazi, a zagayen neman gurbin gasar cin kofin nahiyar Afirka. Ranar Lahadi aka karkatar da jirgin 'yan wasan Najeriya zuwa filin jirgin Al Abraq, mai nisan fiye da kilomita 200 daga Benghazi, inda suka shafe fiye da awa 15 a tsare ba tare da kulawa ba. Kyaftin ɗin ƙungiyar, William Troost-Ekong, ya sanar da cewa ba za su buga ba, suka juyo gida ranar Litinin. Kwana 11 bayan ranar wasan CAF ta yanke hukunci, ta kuma ci tarar Libiya dala 50,000.

Dalili biyu ne suka hana wannan hukunci taɓa tikiti. Na farko, ya zo bayan wa'adin da kamfanoni suka saba bayarwa ya wuce. Na biyu, kuma shi ne mafi ƙarfi, kamfanonin caca suna biya ne da sakamakon fili, ba sakamakon da kwamiti ya rubuta a ofis ba. Ƙwallo ukun da aka ba Najeriya babu wanda ya zura su, babu mintin da aka ci su, don haka babu yadda za a yi a ce wane ne ya fara ci ko nawa aka ci kafin hutun rabin lokaci.

Wannan ƙa'ida tana yanka ta ɗaya gefen ma. A Maris ɗin 2025 Afirka ta Kudu ta doke Lesotho 2-0 a rukunin da Najeriya take ciki na neman gurbin kofin duniya. A Satumba FIFA ta ƙwace makin, ta ba Lesotho 3-0, saboda an saka Teboho Mokoena alhali yana da dakatarwa a kansa. Teburin rukuni ya sauya, 'yan Najeriya sun yi murna, amma tikitin Maris bai motsa ba. Wanda ya zaɓi Afirka ta Kudu an biya shi tun a lokacin kuma ba za a ce ya dawo da kuɗi ba, wanda ya zaɓi Lesotho kuma nasa ya tafi ke nan.

Tikiti mai wasanni da yawa

Mafi yawan masu caca ba sa tsayawa a wasa ɗaya, domin naira 200 ko 500 ba ta yin auki sai an jera wasanni. A irin wannan tikiti ana ninka ninkin kowane wasa da na sauran, kuma dole duka su ci. A nan ne rashin fahimta ya fi yawa, domin mutane da dama suna zaton idan aka soke wasa ɗaya, ko dai a mayar musu da kuɗinsu duka, ko a biya su adadin da aka buga a ƙasan takarda. Ko ɗaya ba ya faruwa.

A ɗauki misali da lambobin da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Wani ya zuba naira 1,000 a wasanni huɗu. Uku daga ciki ninkinsu 1.50 da 1.80 da 2.20, na huɗun kuma wasan Najeriya da Libiya ne a kan 2.00. Idan aka ninka ukun farko za a samu 5.94, a ninka da 2.00 ya zama 11.88. Abin da takarda za ta nuna a matsayin abin da zai iya samu shi ne naira 11,880.

Da aka soke wasan Libiya, 2.00 ta koma 1.00, tikitin ya zama na wasanni uku mai ninki 5.94. Idan ukun nan suka ci, naira 5,940 zai karɓa, wato rabin abin da ke rubuce. Ba yaron shago ne ya cinye rabin ba, ninkin wasan da ba a buga ba ne ya fita. Idan kuwa ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, ba zai karɓi ko kwabo ba, domin naira 1,000 ɗin ba a raba ta kashi huɗu ba, gaba ɗayanta tana kan kowane wasa. Ba a mayar da uwar kuɗi a irin wannan tikiti sai in duk wasannin da ke ciki aka soke.

Akwai wani ragi da ba a cika lura da shi ba. Kamfanoni da yawa suna ƙara garaɓasa a kan tikitin da ya kai wani adadi na wasanni, kuma garaɓasar tana ƙaruwa da yawansu. Wasan da aka soke ba ya shiga ƙirga. Idan sharaɗin garaɓasa wasanni biyar ne, tikitin kuma biyar ɗin cif ne, soke ɗaya yana zubar da ninkinsa, ya kuma tafi da garaɓasar baki ɗaya. Hanyar gane ko an yi lissafi daidai ita ce mutum ya ninka na wasannin da suka rage da kansa, ya ninka da abin da ya zuba, sannan ya duba ko adadin da ya rage ya kai na garaɓasa.

Idan wasa ya fara sannan ya watse

Wannan ya fi sarƙaƙiya, domin wani abu ya riga ya faru a fili. Ƙa'idar da ta fi yawa ita ce a raba zaɓuɓɓuka gida biyu. Wanda sakamakonsa ya riga ya tabbata, ta yadda ko da an ci gaba da wasa ba abin da zai sauya shi, ana biya ko a cinye. Wanda bai tabbata ba ana soke shi.

Wasan Bournemouth da Luton na ranar 16 ga Disambar 2023 ya nuna wannan sarai. Elijah Adebayo ya ci wa Luton ƙwallo a farkon wasa, aka tafi hutun rabin lokaci Luton na gaba da 1-0. Bayan dawowa Dominic Solanke ya farke. Jim kaɗan sai kyaftin ɗin Luton, Tom Lockyer, ya faɗi a fili zuciyarsa ta tsaya. An ceto rayuwarsa, amma aka tashi daga wasan yana 1-1, da sauran kusan rabin awa.

Ga yadda tikiti daban-daban za su kasance a ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Wanda ya zaɓi Adebayo a matsayin wanda zai fara cin ƙwallo ya ci, domin ƙwallon farko ba ta da ta biyu. Wanda ya ce Luton za ta kasance a gaba a hutun rabin lokaci ya ci, domin an kammala wannan zango. Wanda ya ce ƙungiyoyin biyu za su zura ƙwallo, abin da ake gani a allo da GG, shi ma ya ci, wanda ya ce ba za su zura ba kuwa ya faɗi, kuma watsewar wasa ba za ta cece shi ba. Haka mai Over 1.5, wato za a ci aƙalla ƙwallo biyu, an riga an ci biyun.

Amma mai Over 2.5 yana buƙatar ƙwallo ta uku, wadda ba ta zo ba, kuma ba wanda zai rantse cewa ba za ta zo ba a mintunan da suka rage. Nasa an soke. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne mai Under 2.5, wanda ya ce ba za a kai uku ba. A lokacin da aka tashi ƙwallo biyu ce kawai, a ganinsa ya ci. Amma zaɓinsa a kan minti 90 ne, kuma ba a kai 90 ba, don haka uwar kuɗi kawai zai karɓa. Haka wanda ya zaɓi canjaras: allo ya nuna 1-1, amma 1-1 ɗin ba sakamakon ƙarshe ba ne.

An sake buga wasan daga farko ranar 13 ga Maris 2024. Luton ta yi gaba da 3-0, Bournemouth ta farke ta ci 4-3. Ƙwallo bakwai ke nan, amma ba su amfani mai Over 2.5 na Disamba da komai ba.

Ba dalilin tsayar da wasa ake dubawa ba, lokacin da aka koma fili ake dubawa. A ranar 12 ga Yunin 2021 Christian Eriksen ya faɗi a wasan Denmark da Finland, aka tsaya na wani lokaci, aka dawo a daren aka ƙarasa, Finland ta ci 1-0. Wannan yana cikin wa'adi, tikiti ya tsaya a kan 1-0. A ranar 14 ga Afrilun 2024 kuwa Evan Ndicka na Roma ya faɗi a gidan Udinese ana 1-1, aka tashi. Hukumar gasar Italiya ta sa a ƙarasa mintunan da suka rage ranar 25 ga Afrilu, Roma ta ci 2-1. A wurin hukumar wasa ɗaya ne aka ƙarasa, amma a wurin kamfanin caca kwana 11 sun wuce wa'adi, kuma wanda ya zaɓi Roma tun farko an riga an mayar masa da kuɗinsa.

Ba duka kamfanoni ke bin wannan rabe-rabe daidai wa daida ba. Akwai masu amincewa da sakamakon da aka tashi da shi idan hukumar gasar ta tabbatar da shi cikin wa'adi, akwai kuma masu karɓarsa idan wasan ya kai wani minti da suka ƙayyade kusa da ƙarshe. Wannan sakin layi na kundin sharuɗɗa shi ne ya fi cancantar a karanta, musamman ga wasannin gida inda rikicin 'yan kallo kan sa alƙalin wasa ya tashi kafin lokaci.

Idan ɗan wasan da aka ambata bai fito ba

Tambayar farko ita ce: sunan wa ke kan tikitin? Idan sunan ƙungiya ne, rashin ɗan wasa ba ya soke komai. Wanda ya zaɓi Najeriya saboda ya san Victor Osimhen zai buga, sannan aka wayi gari Osimhen ba ya cikin jeri, tikitinsa na nan a kan ninkin da ya karɓa. Dalilin da ke zuciyarsa ba ya cikin yarjejeniya.

Idan kuwa sunan ɗan wasan ne a rubuce, kamar a ce zai ci ƙwallo a kowane lokaci, abin dubawa shi ne ko ya taka fili. Wasanni biyu na Najeriya a Satumbar 2025 sun bambance wannan. Ranar 6 ga wata, a Uyo, Osimhen ya fara wasa da Ruwanda, ya ji rauni aka fitar da shi kafin hutun rabin lokaci, Najeriya ta ci 1-0 ta ƙafar Tolu Arokodare. Wanda ya zaɓi Osimhen zai ci ƙwallo ya faɗi, domin ya buga, ko da bai daɗe ba. Ranar 9 ga wata, a wasan Afirka ta Kudu da aka tashi 1-1, raunin ya hana shi bugawa baki ɗaya. Duk wanda ya riga ya sa sunansa a wannan wasan, zaɓinsa sokewa ne. Rauni ɗaya ne, amma a wasan farko ya cinye kuɗi, a na biyu ya dawo da su.

Ɗan wasan benci shi ne ke da tarko. A kamfanoni da yawa, in aka sako shi ko da saura minti biyu ne, an ƙirga ya buga, kuma zaɓin cewa zai ci ƙwallo ya tsaya. Wasu kamfanonin kuma suna sharɗanta sai ya fara wasa, in bai fara ba su soke. Zaɓin wanda zai fara cin ƙwallo yana da nasa hukunci mai ma'ana: idan aka sako shi bayan an riga an ci ta farko, ana sokewa, domin ba a ba shi damar ci ba. Ana fitar da jerin 'yan wasa kimanin awa guda kafin a take, kuma duk wanda ya sa sunan ɗan wasa kafin wannan lokaci ya sa ne a makance.

A wasan tanis, inda mutum ɗaya ne ƙungiyar, bambancin ya fi fitowa. Idan ɗan wasa ya janye kafin a fara, kamar yadda Rafael Nadal ya yi kafin wasan kusa da na ƙarshe da Nick Kyrgios a Wimbledon ta 2022, ana sokewa, ko da yake Kyrgios ya wuce zuwa wasan ƙarshe. Idan kuwa an fara sannan ya sauka, sai kundin kamfani. A Janairun 2025 Novak Djokovic ya bar wasansa da Alexander Zverev a gasar Australian Open bayan ya rasa zangon farko. Kamfanin da sharaɗinsa shi ne a kammala zango ɗaya zai biya mai Zverev ya cinye na mai Djokovic. Kamfanin da ke buƙatar a kammala wasa duka zai mayar wa kowa da nasa.

Zaɓin dogon zango, kamar wanda zai fi kowa cin ƙwallo a gasa ko wanda zai ɗauki kofi, shi ne mafi tsanani. Yawanci ba a mayar da kuɗi idan ɗan wasa ya ji rauni ko ya janye bayan an fara gasar, kuma a wasu kamfanonin ko bai buga ko wasa ɗaya ba tikitin ya faɗi.

Wa ke raba gardama?

Yaron da ke bayan kanta a shagon Samaru ko Sabon Gari wakili ne kawai. Yana karɓar kuɗi ya buga takarda, amma na'urar kamfani ce ke yanke hukunci daga nesa, kuma ba shi da ikon sauya shi. Yi masa ihu ba ya ƙara ko kwabo. Abin da ke da amfani shi ne lambar tikiti, da lokacin da aka tsara fara wasan, da hoton sakin layin sharuɗɗa da ya shafi lamarin, domin kamfani na iya sabunta shafinsa.

Mai caca ta waya yana ganin kuɗin sokewa sun dawo asusunsa kai tsaye. Mai takarda kuwa sai ya koma shago da ita, kuma a nan ake asarar da ba a ji. Mutum ya ji an ɗage wasa ya yar da takardar, alhali uwar kuɗinsa na jiransa. Rubutun irin wannan takarda yana dusashewa da zafi da gumi, kuma kamfanoni suna sa iyakar kwanakin karɓar kuɗi, bayan su babu biya.

Idan kamfani ya ƙi sauraro, sai ina? Shekara da shekaru amsar ita ce hukumar tarayya da dokar caca ta ƙasa ta 2005 ta kafa. Amma ranar 22 ga Nuwamban 2024, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Majalisar Tarayya ba ta da hurumin yi wa jihohi dokar caca, ikon dokar ya tsaya a Babban Birnin Tarayya. Ma'ana, alhakin sa ido a kan shagon da ke Zariya ya koma wuyan Jihar Kaduna. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, mai karɓar ƙorafi a kan kamfanoni gaba ɗaya. Kotun shari'ar Musulunci kuwa ba wurin neman haƙƙin caca ba ce, domin a fiƙihu cinikin ɓatacce ne tun daga tushe.

Jihohin Arewa suna da hanyoyi biyu a gabansu. Kano ta ɗauki ta haramci, inda Hisba ta rufe shagunan caca a 2024, ko da yake rufe shago ba ya rufe wayar da ke aljihu. Jihar da ta bar shagunan a buɗe tana karɓar haraji kuwa, tambayar da ya kamata matasa su yi wa 'yan majalisarsu ita ce me mai tikiti ke samu a madadin wannan haraji. Wa'adin awa 24 ko 48, da hukuncin ɗan wasan benci, da iyakar kwanakin karɓar kuɗi, abubuwa ne da za a iya wajabta wa kowane shago ya liƙa a bango da Hausa da Turanci, tare da adireshin ofishin da ake kai ƙara. Muddin ba a yi haka ba, ɓangare ɗaya ne ya rubuta yarjejeniyar, shi ne kuma ke fassara ta, ɗaya ɓangaren kuwa ba ya sanin abin da ta ƙunsa sai ranar da aka ɗage wasa.